Yankan jawabi amana ce: kada sharaɗi ya faɗi a bakin almakashi

Mafi yawan mutanen da suke cewa sun ji abin da malam wane ya faɗa a yau ba su zauna a majalisinsa ba, ba su kuma saurari karatun daga farko zuwa ƙarshe ba. Abin da ya iso gare su guntu ne na daƙiƙa talatin ko minti ɗaya a WhatsApp, ko layi uku da aka rubuta a kan hotonsa a Facebook. A zamanin kaset, wanda ya sayi karatun malami yakan sami fuska guda ta minti 30 ko 45 ba tsinkewa, ya ji tambaya, ya ji amsa, ya ji inda malamin ya dawo ya yi gyara. Yanzu tsakanin mai magana da mai sauraro akwai mutum na uku da ba a ganin fuskarsa, wato matashin da ya zauna da waya ya zaɓi inda magana za ta fara da inda za ta tsaya. Ra'ayina shi ne wannan matashi mai ruwaya ne, nauyin da ke kan mai ruwaya yana kansa, kuma aikin nasa yana da ƙa'idojin da ake iya koya.

Na zaɓi in ɗauki misalina daga Auyo, domin a can guntun magana yana iya zama asarar noman shekara guda. Ƙaramar hukumar tana kwance ne a kwarin kogin Haɗeja, kogin da madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Calawa, wadda aka kammala a 1992, suke riƙe ruwansa daga Jihar Kano. A ƙasar Auyo ne aikin noman rani na Kwarin Haɗeja yake, wanda aka gyara aka sake ƙaddamar da shi a watan Janairun 2023. Ciyawar kacala ta daɗe tana toshe hanyoyin ruwan wannan yanki, kuma ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 ba su fita daga zukatan mutane ba. Saboda haka idan damina ta yi nisa, manomi a Gamsarka ko Ayama ko Gatafa kunnensa a buɗe yake. Duk abin da aka ce malamin gona ya faɗa, ko wani jami'in ruwa ya faɗa, zai iya sa shi ya ɗauki lauje a ranar.

Mu ƙaddara an tara manoma a Auyo a farkon Satumba, wani malamin gona ya yi musu jawabi na minti 45, wani kuma ya ɗauka da waya. Wannan misali ne na gina domin bayani, amma duk wanda ya taɓa zama a irin wannan taro zai gane salon maganar. A wajen minti na 18 malamin ya ce:

"Za ku ji wasu suna cewa, ai ruwa na zuwa, kowa ya yanke shinkafarsa yanzu. To, ba haka ba ne. Wanda gonarsa take kwari kusa da kogi, kuma ya duba zangarniya ya ga cikin ƙwaya goma takwas sun nuna, wannan ya yanke a makon nan. Amma wanda tasa take madara, wato in ya matsa ƙwaya sai farin ruwa ya fito, kada ya taɓa ta, domin in ya yanke ƙaiƙayi zai tara. Shi ya je ya gyara jinga, ya buɗe magudana. Ruwan kuma ban ce lallai zai zo ba, na ce akwai alama mai ƙarfi. Kuma na bana nake faɗa, bisa yadda kogi yake a yau."

Shawarar nan tana bisa ilimi. Masana noman shinkafa sun daidaita a kan cewa lokacin yanka shi ne idan kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na ƙwayar da ke zangarniya ta juye launin busasshiyar ciyawa, kuma hakan yakan zo kamar wata guda bayan ta fitar da kai. Wanda ya yanka da wuri zai sami ƙwayar da ba ta cika ba, wadda take karyewa a inji. Maganar gaba ɗaya ba ta cika minti ɗaya ba, amma a cikinta akwai wurare huɗu da almakashi zai iya juya ta, ba tare da an ƙara ko harafi ɗaya ba.

Wuri na farko shi ne bakin da ba nasa ba. Idan aka fara guntun daga "ruwa na zuwa, kowa ya yanke shinkafarsa yanzu" aka tsaya nan, muryar tasa ce, fuskar tasa ce, amma maganar ta waɗanda ya zo ya ƙaryata ce. Malamanmu, na gona da na addini da na jami'a, suna da wannan ɗabi'a ta fara kawo ra'ayin da ba su yarda da shi ba, har su ƙawata shi, kafin su rushe shi. "Za ka ji wani ya ce", "suna cewa wai", "wata ta tambaye ni": waɗannan ƙananan kalmomi su ne katangar da ke tsakanin ra'ayin mutum da ra'ayin da yake hakaitowa. Abin takaici kuma, sau da yawa ra'ayin da ake hakaitowa shi ya fi zafi, shi ya fi jan ido, don haka shi hannun mai yanka ya fi saurin kai wa.

Wuri na biyu shi ne sharaɗi. "Ya yanke a makon nan" umarni ne na gaskiya, malamin ya faɗe shi kuma yana nufinsa. Amma ya rataya shi a kan abu biyu: gona ta kasance a kwari kusa da kogi, kuma ƙwaya takwas cikin goma ta nuna. Idan sharaɗin ya faɗi, umarnin da aka yi wa mutum goma ya zama na mutum dubu. Haka kuma togaciyar da ta biyo bayan "amma". Wanda ya tsayar da guntun kafin wannan kalma ya bar rabin manoma ba tare da nasu saƙon ba, alhali su ne kuskure ya fi yi wa illa, domin shinkafar da aka yanke tana madara ba ta komawa jikin kara.

Wuri na uku shi ne gwargwadon tabbaci. Malamin ya ce akwai alama mai ƙarfi, bai ce lallai ba. Haka hasashen hukumomi yake zuwa. NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya, tana rarraba ƙananan hukumomi gwargwadon girman haɗari. Dukkansu maganar yiwuwa suke yi. Idan mai yanka ya share "wataƙila" da "akwai alama" da "a ganina" don magana ta yi kaifi, ya mai da hasashe ya zama alkawari. Ranar da ruwa bai zo ba, mai yankan ba wanda ya san shi. Malamin ne za a ce ya yi ƙarya, kuma baɗi idan ya yi gargaɗi na gaske ba za a saurare shi ba.

Wuri na huɗu shi ne lokaci. Guntun bidiyo ba ya tsufa a waya. Wanda aka yanka bana ba tare da kwanan wata ba zai sake tashi baɗi, a cikin Agusta, lokacin da shinkafa ba ta nuna ba, kuma kowa zai ɗauka jiya aka faɗa. Jimlar ƙarshe ta malamin, inda ya ce na bana yake faɗa, ita ce ta fi kama da abin da za a iya zubarwa, kuma ita ce take kare maganar daga wannan haɗari.

Abin da ya kamata ya ba mu ƙarfin gwiwa shi ne wannan matsala ba yau ta fara ba, kuma magabatanmu a ilimin hadisi sun riga sun tsefe ta. Sun yi babi na musamman a kan taƙaita hadisi da kuma ruwaito shi da ma'ana. Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan Hijira, ya kawo saɓanin malamai a kan haka a Muƙaddimarsa, Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852, ya sake tattauna shi a sharhin Nukhbatul Fikar. Matsayin da ya rinjaya a wurinsu shi ne taƙaitawa ta halatta ga wanda ya san abin da ke canza ma'ana, kuma da sharaɗin abin da ya bari ba shi da alaƙar da za ta taɓa abin da ya kawo. Suka ambaci irin abubuwan da ba a yankewa: togaciya, da sharaɗi, da iyakar da aka gindaya wa hukunci. Misalin da malaman usulu suke yawan kawowa ma na manoma ne, wato hadisin da ya hana sayar da 'ya'yan itace har sai nunarsu ta bayyana. Wanda ya ruwaito hanin ya bar iyakar ya haramta wa mutane cinikin da aka halatta musu.

Imamul Buhari ya shahara da rarraba hadisi guda a babi daban-daban, yana kawo gaɓar da ta dace da kowane babi. Wannan ya nuna yanka ba laifi ba ne a kan kansa. Amma a lura da abu biyu a aikinsa: gaɓar da ya kawo takan tsaya da ƙafarta, kuma mai nema yana da hanyar komawa ga cikakken hadisin. Ko yaro a makarantar Islamiyya an koya masa cewa akwai wuraren da ba a tsayawa a karatun Alƙur'ani, kuma ya san aya ta 4 a Suratul Ma'un ba a fahimtarta sai da ta 5. Al'ummar da take da wannan gado bai kamata ta yi sakaci da maganar malamanta na yau ba, ko da maganar tasu ba wahayi ba ce.

To, yaya ake yi a aikace? Mataki na farko shi ne a saurari jawabin gaba ɗaya kafin a taɓa komai, har da tambayoyin ƙarshe. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma yawancin ɓarna daga nan take farawa. Mai jawabi yakan faɗi abu a minti na 10, ya dawo a minti na 38 ya ce ɗazu na ce buhu biyu na taki a eka, to a hekta nake nufi. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, don haka wanda ya yanke ta farkon ya sa manomi ya zuba fiye da ninkin abin da aka nufa. Idan mai magana ya gyara kansa, gyaran shi ne maganarsa. A saurare na biyu ne ake riƙe biro da takarda, ana rubuta minti da daƙiƙar kowane wurin da ya yi kama da abin ɗauka.

Mataki na biyu shi ne a rubuta gaɓar da aka zaɓa kalma da kalma, tare da minti ɗaya kafinta da minti ɗaya bayanta. Kunne yana yaudara, yana cike gurbi da abin da yake son ji. Ido a kan takarda ya fi shi tsanani. Mai jawabi yakan furta kalma 120 zuwa 150 a minti, don haka abin da za a rubuta bai fi shafi ɗaya ba. Daga nan sai a bi rubutun a ja layi ƙarƙashin kowace kalmar da take ɗaure wata: idan, in dai, sai dai, amma, ban da, har sai, muddin, kada, wai, wataƙila. Kowacce da aka samu, a tambayi kai: me take ɗaurewa, kuma abin da take ɗaurewa yana cikin guntuna? In yana ciki, ita ma dole ta shiga. Mahauci gwani gaɓa yake bi, ba ya sara a tsakiyar ƙashi, kuma waɗannan kalmomi su ne suke nuna inda gaɓar magana take.

Harshenmu yana da wani tarko nasa da ya kamata mai yanka ya sani. Korewa a Hausa tana da kai biyu, "ba" a farko da "ba" a ƙarshe, kuma tsakaninsu ana iya samun doguwar jimla. "Ba wai ina cewa kowa ya bar gonarsa ya koma tudu ba ne." Idan aka makara da daƙiƙa ɗaya wajen farawa, aka kuma yi saurin tsayawa da daƙiƙa ɗaya, abin da ya rage a tsakiya shi ne kishiyar maganar, cikakkiyar jimla mai kyau wadda ba ta nuna alamar rauni. Haka "kada ku yanke" take zama "ku yanke" da faɗuwar kalma guda. Shi ya sa ake barin numfashi guda a gaba da numfashi guda a baya, a ji shirun da ya gabaci jimla da wanda ya biyo ta. A rubuce kuma akwai wani tarkon, domin ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali. "Ya yanke" a baki tana bambanta labari da umarni, amma a takarda iri ɗaya ce. Idan jimlar da aka ciro ba ta fayyace wanne ake nufi ba, ba ta isa ta tsaya ita kaɗai ba.

Mataki na uku shi ne wakilan suna. "Su waɗannan mutanen ba su da amana" jimla ce da take da ma'ana ɗaya a cikin ɗakin taro, inda kowa ya san minti biyu da suka wuce ana maganar masu sayar da gurɓataccen iri ne. A waje kuwa kowa zai ɗora ta a kan wanda yake jin haushi: wata ƙabila, wata ƙungiya, makiyaya, ko jami'an gwamnati. A yanki irin namu, inda manomi da makiyayi da masunci suke cin arzikin ruwa guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganinsa shi ne a fara guntun daga inda aka ambaci sunan abin, ko a rubuta a sama ƙarara cewa a kan masu sayar da gurɓataccen iri yake magana. Haka nan idan maganar amsa ce, a sa tambayar. Amsar da aka ba mai gonar kwari ba ita ce amsar mai gonar jigawa ba.

Idan muka bi waɗannan matakai a kan misalinmu, bidiyon da ya dace shi ne gaɓar gaba ɗaya, daga "za ku ji wasu suna cewa" har zuwa "yadda kogi yake a yau", da suna da wuri da kwanan wata a rubuce a jikin hoton kansa, ba a saƙon da ke rakiyarsa ba, domin saƙon rakiya yakan faɗi a hanya idan ana turawa daga waya zuwa waya. Idan kuma a rubuce ake so, ga yadda zai iya kasancewa:

Malamin gona a taron manoma, Auyo, 10 ga Satumba: "Wanda gonarsa take kwari kusa da kogi, kuma ya duba zangarniya ya ga cikin ƙwaya goma takwas sun nuna, wannan ya yanke a makon nan." Ya kuma ce mai shinkafar da take madara kada ya yanke. Cikakken jawabin: minti na 18.

Kalma kusan hamsin ke nan, kuma a aikin gaske za a ƙara sunan malamin da shekarar. A lura da rabon aiki a ciki. Abin da ke tsakanin alamun zance kalmominsa ne, ba a sauya ko ɗaya ba. Abin da ke wajen alamun taƙaitawar mai rubutu ce, kuma ya nuna haka da "ya kuma ce". Ba laifi a zubar da tari, da "eh", da maimaitawar da baki yake yi, amma ba a musanya kalma da wadda ta fi daɗi sannan a bar ta cikin alamun zance. Idan an tsallake wani abu a tsakiya, a sa ɗigo uku. Idan a bidiyo ne aka haɗa gaɓa biyu masu nisa, a bar alamar haɗin a fili, kada a goge ta har ta yi kama da magana guda.

Sai gwaji na ƙarshe, wanda ba ya cin kuɗi. A nuna guntun ga wanda bai halarci taron ba, a tambaye shi: me wannan mutumin yake so ka yi, kuma wa yake nufi? Idan amsarsa ta saɓa da abin da wanda ya ji jawabin duka zai faɗa, yankan bai yi ba. In da hali kuma, a tura wa mai maganar ya gani kafin a saki. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma shi ya fi kowa sanin inda aka taɓa masa ma'ana.

Na san abin da masu wannan aiki za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce data tana da tsada, mutane ba sa kallon abu mai tsawo, kuma guntun da aka cika da sharuɗɗa ba ya yawo. Haka ne. Amma abin da wannan yake nunawa shi ne akwai maganar da ba ta yankuwa. Hukuncin saki, rabon gado, ma'aunin maganin feshi, dalilin da ya sa ruwa ya tumbatsa: irin waɗannan idan ba su shiga minti ɗaya ba tare da sharuɗɗansu, a bar su, a ɗauki wata gaɓar. Jawabin minti 45 zai iya ba da guntu uku ko huɗu masu lafiya, ba dole sai ya ba da goma ba. Dabarar raba magana kashi na ɗaya da kashi na biyu ma ba ta warware matsalar, domin ba tare suke tafiya ba. Na ɗayan, mai zafi, shi yake zaga gari. Na biyun, mai togaciya, yana nan inda aka ajiye shi. Kowane guntu dole ya zama gaskiya shi kaɗai.

Akwai kuma ɓarnar da ba almakashi ke yin ta ba, take ne. Sai ka ga bidiyo an yanka shi daidai, amma an rubuta a samansa "Malam ya fasa ƙwai" ko "Zazzafan martani ga wane", alhali malamin bai ambaci kowa ba. Mai kallo yana karanta take kafin ya ji murya, kuma da wannan taken zai fassara duk abin da ya ji. Take ya faɗi batun, ya tsaya nan: "Lokacin yankan shinkafa idan ana tsoron ambaliya."

Kada a ɗauka wannan ciwo na ƙasashe marasa ci gaba ne. A watan Yulin 2010 a Amurka, wani ɗan gwagwarmayar siyasa mai suna Andrew Breitbart ya saki guntun jawabin Shirley Sherrod, baƙar fata kuma jami'ar raya karkara ta ma'aikatar noma a jihar Jojiya. A guntun an ji ta tana cewa wani manomi farar fata ya zo neman taimako ba ta yi masa iya ƙoƙarinta ba. A ranar aka tilasta mata yin murabus. Washegari aka fitar da cikakken jawabin na minti 43, sai ga shi labarin shekarar 1986 take bayarwa, tun kafin ta shiga aikin gwamnati, kuma ƙarshensa shi ne ta tsaya wa manomin har gonarsa ta tsira, ta kuma koyi cewa talauci ba ya duba launin fata. Manomin da matarsa suka fito suka shaide ta, sakataren noma Tom Vilsack ya ba ta haƙuri, Shugaba Obama ya kira ta a waya. Duk kalmar da ke cikin guntun nan tata ce. Inda aka tsaya ne ya yi ƙaryar.

Ita ta yi sa'a tana raye, kuma cikakken faifan yana nan. A wurinmu akwai malaman da suka riga mu gidan gaskiya, irin su Shaikh Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, da Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a 2007, waɗanda har yau ake ciro guntayen karatunsu ana ɗora su a kan rigingimun da suka faru bayan ba su. Ba za su iya fitowa su ce ba haka na nufa ba. Mai yanka maganar mamaci nauyinsa ya ninka, kuma mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya faɗi shekarar karatun, da littafin da ake karantawa, da inda za a sami cikakkensa.

Mai sauraro ma yana da abin dubawa kafin ya tura. Guntun da ya fara a tsakiyar numfashi, ko ya fara da "saboda haka" ko "to shi ne", akwai abin da ya gabace shi. Wanda ya ƙare murya tana rataye ba ta sauka ba, mai maganar bai gama ba. Idan kan mai magana ya yi tsalle daga gefe zuwa gefe, ko ƙarar janareta ko ta fanka ta canza farat ɗaya, an yi haɗi. Idan babu suna, babu wuri, babu rana, kuma maganar ta yi daidai da abin da kake so ka ji a kan wanda ba ka so, to a nan ne ya fi kamata ka dakata.

Kirana ga ƙungiyoyin manoma da na masu amfani da ruwan noman rani a Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja, da kwamitocin masallatai, da ɗaliban Kwalejin Binyaminu Usman da na Jami'ar Sule Lamiɗo da suke riƙe da shafukan yaɗa karatu, shi ne kowane taro ya zama yana da mutum guda da aka ɗora wa ajiye cikakken faifai da kwanan watansa, kuma kada a saki guntu sai an san inda uwarsa take. Masu jawabi su ma su taimaka: su haɗa umarni da sharaɗinsa a numfashi guda, su riƙa ambaton rana da wuri a cikin maganarsu, su kuma ware minti ɗaya a ƙarshe su taƙaita saƙonsu da bakinsu, domin masu yanka su sami abin ɗauka da ba ya buƙatar gyara.

Kai kuma ɗan'uwa mai riƙe da waya, Allah ya ba ka basirar da iyayenka ba su samu ba, kuma ta hannunka ilimi yake isa ƙauyen da malami bai taɓa takawa ba. Idan ka ce wane ya ce, shaida ka bayar, kuma za a tambaye ka a kanta. Saurari jawabin duka, bar wa sharaɗi wurinsa, rubuta rana da wuri. In magana ta ƙi yankuwa, ka bar ta yadda mai ita ya faɗe ta.